Yadda ake shirya saƙon godiya da bangajiya bayan rasuwa, mataki bayan mataki

Masu karatu sun sha tambayata abu guda a kan sha'anin rasuwa: an share makoki, an naɗe tabarmi, baƙi sun kama hanya, to yaya za mu yi wa jama'a godiya ba tare da mun ɓata wa wani rai ba? Wasu har cewa suke in rubuto musu saƙon kawai su cike suna. Zan kawo samfuri a ƙasa, amma samfurin shi kaɗai ba zai fitar da kai ba, domin abin da ke jawo ƙorafi bayan godiya yawanci sunan da aka tsallake ne, ko wanda aka sa a bayan wanda bai kamata ba, ko wanda ya sa hannu alhali akwai na gaba da shi.

Don a bi abin daki-daki, mu ɗauki misalin gida guda har ƙarshe. Alhaji Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari a Kano. Ya yi jinyar mako biyu a asibiti, ya rasu daren Talata, aka yi jana'izarsa Laraba da safe. Ya bar mata biyu, 'ya'ya manya da ƙanana a ɗakuna biyun, da ƙaninsa guda da ke raye.

1. A buɗe littafi tun ranar farko

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai bango mai kauri guda biyu, biro, da mutum biyu masu natsuwa. Littafi ɗaya a waje wajen maza, ɗaya a cikin gida wajen mata. Wannan na biyun shi aka fi mantawa da shi, kuma shi ya sa za ka ji saƙon godiya ya lissafa manyan mutane goma sha, amma babu ko kalma ɗaya a kan matan unguwa da suka kwana uku a bakin murhu.

Kada a ɗora rubutun a kan 'ya'yan mamaci na cikinsa. Su suna amsa "ya haƙuri?" daga safe zuwa dare, kuma rabin abin da ya faru a kwanakin nan ba za su tuna ba. A ba ɗan ƙanin mamaci, ko suruki, ko amintaccen aboki wanda ya san fuskokin dangi. A cikin gida kuma a ba wata 'yar uwa da ta iya rubutu kuma ta san matan unguwar.

Ba kowa da ya zo gaisuwa za a rubuta ba, hannu ba zai iya ba. Abu uku ake kamawa: wanda ya yi wani aiki, wanda ya zo daga nesa ko ya jagoranci tawaga, da wanda ya kawo kaya ko aro. A gidan Alhaji Wane shafin farko zai yi kama da haka: maƙwabcin da ya tashi ƙarfe biyun dare ya ɗauko gawa daga asibiti a motarsa, malaman da suka yi wanka da suturtawa, matasan da suka riga kowa zuwa maƙabarta suka taya haƙa, mai gidan da ke kallonsu da ya buɗe zaurensa ya kuma sauki baƙi mata, wanda ya kawo rumfa da kujeru, matar da ta aiko da kunu da ƙosai kowace safiya, tawagar 'yan kasuwa, dangin uwargida daga Katsina, dangin amarya daga Zariya, da abokan cinikinsa da suka tsallako daga Maraɗi.

A koma baya kuma zuwa kwanakin jinya. Waɗanda suka ba da jini, wanda ya riƙa kwana da mara lafiya don 'ya'yansa su runtsa, wanda ya biya kuɗin magani ranar da hannu ya yi ƙasa. Su ba sa cikin littafin makoki domin aikinsu ya riga buɗe littafin, sai an zauna an tuno su.

Gargaɗi: kuɗin da mutane suka bayar a rubuta su a shafi dabam a ƙarshen littafi, ko a wata takarda da ke hannun mutum ɗaya. Wannan lissafin na cikin gida ne. Kada a bar shi a buɗe a kan tabarma inda duk mai zuwa zai leƙa ya ga abin da wane ya kawo.

Idan kana karanta wannan bayan an riga an tashi makoki ba a rubuta komai ba, ba a makara ba. Ku zauna mutum huɗu ko biyar, maza da mata, ku bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya tun daga lokacin da rai ya yi halinsa: wa aka fara kira, wa ya fara zuwa, motar wa aka shiga. Ku duba jerin kiran da ke wayoyinku da saƙonnin da suka shigo. Bin tsarin lokaci ya fi tuno mutane fiye da a ce kowa ya faɗi wanda ya tuna.

2. A daidaita wanda zai sa hannu da ranar fitarwa

Saƙon godiya na gida ne, don haka guda ɗaya ake fitarwa da sunan iyali. A misalinmu ƙanin marigayi yana raye, to shi ne uba yanzu, sunansa ne zai zo a ƙasa "a madadin iyalan marigayi", ko da babban ɗa ne ya rubuta kuma ya biya kuɗin komai. Ana iya ƙara sunan babban ɗan a ƙarƙashinsa. In babu baffa, babban ɗa namiji ne ke sa hannu a yawancin gidaje, amma ya fara karanta wa yayyensa mata da iyayensa mata su ji.

A gida mai ɗakuna biyu ko fiye, a yi hattara sosai. Da zarar ɗan ɗakin amarya ya riga kowa ya saki nasa saƙon yana cewa "ni da mahaifiyata da ƙannena", ɗakin uwargida ma za su saki nasu, kuma jama'ar gari za su karanta rabuwar kai tun ba a zo rabon gado ba. Kowa yana da damar yi wa abokansa godiya ta kansa daga baya. Na iyali dai shi ke fara fita.

Lokaci kuwa, a yawancin garuruwanmu kwana uku ake zaman karɓar gaisuwa. An yi jana'iza Laraba, an zauna Laraba, Alhamis, Juma'a, to saƙon ya fita yammacin Juma'a ko safiyar Asabar. Idan ana sa ran tawagogi daga nesa, ana iya jinkirtawa zuwa mako guda. Abin da ba na so shi ne a bari sai an yi arba'in. A lokacin waɗanda suka yi wahala sun riga sun yanke hukunci a ransu cewa ba a gani ba. Haka kuma kada a yi gaggawar fitarwa ranar jana'iza da yamma, domin mai shirin tahowa gobe zai ɗauka an rufe karɓar gaisuwa.

3. A raba jerin gida uku

Yanzu a ɗauko littattafan biyu a zauna. Kowane suna a jefa shi ɗaya daga cikin rukuni uku.

Rukunin farko su ne waɗanda za a ambata da suna ko da muƙami a bainar jama'a. Su kaɗan ne: mai unguwa, limamin da ya yi sallah, shugaban tawaga, ƙungiya ko ma'aikata da ta zo a jumlace. Ka'idar da nake bi ita ce a ambaci wanda ya zo a madadin wasu, domin in ka gode wa shugaban 'yan kasuwa ka gode wa duk wanda ya biyo shi.

Rukuni na biyu su ne waɗanda za a ambata da aikinsu ba da sunansu ba: "waɗanda suka ba da jini", "waɗanda suka yi wanka da sutura", "matasan da suka yi aikin kabari", "iyayenmu mata na unguwa da suka ɗauke mana girki". Nan ne ƙarfin saƙon yake. Duk wanda ya yi aikin zai ji kansa a ciki, unguwa ma ta san ko su wane ne, kuma ba a buɗe ƙofar "an faɗi wane ba a faɗe ni ba". In matasa takwas suka yi haƙa ka lissafa shida, ka sayi fushin biyu da iyayensu. In ka ce "matasan unguwa", duka takwas sun shiga.

Rukuni na uku su ne waɗanda sam ba za a ambata a fili ba, sai dai a je musu har gida. Wanda ya biya kuɗin asibiti a ɓoye, wanda ya yafe bashin da yake bin marigayi, wanda ya ce shi zai ɗauki karatun marayu. Irin waɗannan da yawansu don Allah suka yi, kuma bayyana sunansu yana iya ɓata musu rai, ya kuma jawo musu masu roƙo a ƙofa. In kana ganin lallai a ambaci wani daga cikinsu, tambaye shi tukuna. In ya ce a bari, a bari.

Gargaɗi: kada adadin kuɗi ko na kaya ya shiga saƙo. "Wanda ya ba da buhun shinkafa biyu" ba godiya ba ce ga mai shinkafa kaɗai, awo ne aka yi wa maƙwabciyar da ƙarfinta kwanon tuwo ne. Kuma a kula da 'yan siyasa: in wani mai muƙami ya zo ko ya aiko wakili, a ambace shi da muƙaminsa a layi ɗaya kamar kowa. Saƙon da rabinsa kirarin ɗan takara ne ya tashi daga godiyar makoki.

4. A jera sunaye yadda ya dace

Tsarin da ba ya jawo magana shi ne a fara da masu sarauta daga sama zuwa ƙasa, wato sarki in ya zo ko ya aiko, hakimi, dagaci, mai unguwa. Sai limamai da malamai. Sai masu muƙaman gwamnati da ƙungiyoyi. Sai surukai da dangin nesa, sai maƙwabta da abokai. Wasu gidajen malamai suna fara wa da malamai, kuma babu laifi in haka aka saba a garinku.

A tabbatar da laƙabi. "Mai Martaba" na sarki ne, hakimi "Mai Girma" ake ce masa, "Mai Alfarma" kuma Sarkin Musulmi. Kada a kira dagaci mai unguwa, kada a ba mutum sarautar da ba tasa ba. Wanda ya aiko wakili a rubuta "wanda ya samu wakilcin wane", don kada a ce ya zo alhali kowa ya ga bai zo ba.

Dangin matan marigayi a jera su bisa tsarin ɗakuna: na uwargida kafin na amarya, ko da tawagar Zariya ta ninka ta Katsina yawa. In kana jin ko wannan zai jawo magana, haɗe su a jimla ɗaya: "surukanmu da danginmu na Katsina da Zariya".

Ni a ganina, ko da maƙwabta sun zo a ƙarshen jeri saboda tsarin girma, su ya kamata su samu jimla mafi tsawo. Babban mutum ya zo ya yi minti goma ya tafi. Maƙwabci shi ya share ƙofar gida, ya ja wayar lantarki daga gidansa zuwa rumfa, ya hana yaransa kunna rediyo har aka tashi. In a unguwarku akwai maƙwabta Kirista ko waɗanda ba Hausawa ba da suka zo suka zauna tare da ku, kamar yadda ake gani a Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano, a sa musu jimlarsu, kuma a tabbatar saƙon ya kai gare su da harshen da suke ji.

5. A rubuta saƙon

Saƙon yana da gaɓoɓi biyar, a wannan jerin: sallama da bayanin masu magana, sunan marigayi da ranar rasuwa, godiyar kanta, neman afuwa, addu'a da sa hannu. Ga na gidan Alhaji Wane:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyalan marigayi Alhaji Wane na unguwa kaza a Kano, wanda Allah Ya yi wa rasuwa daren Talata, aka yi jana'izarsa ranar Laraba, suna miƙa godiya da bangajiya ga ɗaukacin jama'ar da suka tsaya mana a wannan rashi.

Muna godiya ga Mai Unguwarmu, da Limamin masallacin unguwa da malaman da suka yi wa marigayin wanka da sutura da sallah. Muna godiya ga shugabanni da 'yan kasuwar Kantin Kwari, abokan zamansa na shekara da shekaru, da surukanmu da danginmu na Katsina da Zariya, da abokan arzikinsa da suka taso tun daga Maraɗi.

Godiya ta musamman ga maƙwabtanmu. Kun ɗauko shi daga asibiti cikin dare, matasanku sun yi aikin kabari, kun buɗe gidajenku kun sauki baƙinmu, iyayenmu mata sun ɗauke mana girki har aka tashi. Haka nan waɗanda suka yi ta zirga-zirgar dubiya, da waɗanda suka ba da jini lokacin jinya, da ma'aikatan asibitin da suka kula da shi.

Waɗanda suka zo da ƙafarsu, da waɗanda suka aiko wakilai, da waɗanda suka kira ko suka turo saƙo, da waɗanda suka yi addu'a daga inda suke, duk mun gode. Wanda ya kira bai same mu ba, ko ya zo ba mu samu zama da shi yadda ya kamata ba, ya yi mana afuwa. Wanda marigayi ya saɓa wa, muna roƙon ya yafe masa.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya bar zumunci. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya jiƙan dukkan magabatanmu, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Sa hannu: Malam Wane, ƙanin marigayi, a madadin iyalai."

Lura da abin da babu a ciki. Babu sunan ciwon da ya yi ajalinsa. Wannan sirrin mamaci ne, kuma "bayan jinya" ya wadatar in ana son a faɗa. Babu tarihin rayuwarsa da jerin 'ya'ya da jikoki, wancan na sanarwar rasuwa ne. Babu habaici. Jimla irin "mun ga masoyanmu na gaskiya, mun kuma ga waɗanda ba su zo ba" tana yawan shiga saƙon da aka rubuta cikin zafin rai, kuma ita kaɗai mutane za su riƙe. In asibiti ko wani ɗan uwa ya ɓata muku, wannan ba wurin faɗa ba ne.

Jimlar neman afuwa kada a cire ta don taƙaitawa. A kwanakin makoki waya tana ta ƙara ba mai ɗauka, wani dattijo ya zo bai samu tabarma ba, wata tawaga ta tafi ba a ba ta ko ruwa ba. Ba za ka san su duka ba, wannan jimlar ce ke isar musu.

Maganar bashi: an saba sanarwa a wurin jana'iza cewa mai bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ke bi, ya tuntuɓi iyali. Ga ɗan kasuwa irin Alhaji Wane yana da kyau a maimaita, tunda ba duk abokan hulɗarsa suka halarta ba. A sa ta a layi ɗaya kafin addu'a, da sunan mutum ɗaya da za a tuntuɓa, kuma a ce a zo da shaida.

Gargaɗi: kada a sa lambar asusun banki. Godiya da lambar asusu a ƙasanta roƙo ce, kuma 'yan damfara suna iya kwafe saƙon su canja lambar su ci gaba da yaɗawa da sunanku. Haka kuma ban ba da shawarar a cusa gayyatar sadakar bakwai ko ta arba'in a ciki ba. Malamai sun saɓa a kanta, cikin waɗanda kuke gode wa akwai masu yi akwai marasa yi. Gidan da ke yi ya aika gayyatarsa dabam.

6. A karanta da ƙarfi kafin a saki

A tara mutum uku: mai sa hannu, ɗaya daga cikin gida wajen mata, da wani maƙwabci dattijo da ya ga komai. A karanta musu da baki, a yi musu tambaya ɗaya: wa muka bari? Kusan kullum daga ɓangaren mata ake samun amsar, domin su suka san wadda ta kawo itace da wadda ta wanke tukwane. Matan marigayi suna cikin takaba, ba za su fito zaure ba, don haka a shiga a karanta musu. Saƙo ne da ke fita da sunansu.

A duba ranar rasuwa, rubutun sunaye da laƙabi. Da zarar saƙo ya shiga wayoyin mutane ba ya gyaruwa, wanda aka fara turawa shi zai yi ta yawo.

7. A zaɓi hanyar isarwa, a san kuɗinta

Masallacin unguwa shi ne na farko, kuma ba a biyan komai. A sami liman kafin sallah a nemi izini, bayan an sallame Magariba ko Asuba mai sa hannu ya miƙe ya yi magana ta minti ɗaya ko biyu, ko liman ya faɗa a madadinsa. A nan ba a karanta takarda, da baki ake yi. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki makara a sahun nan suke. A cikin gida kuma wata babba ta yi wa matan da suka taru irin wannan godiyar ranar tashi.

Sai waya. A WhatsApp a tura rubutun, a kuma naɗi murya ana karanta shi, saboda dattawa da waɗanda ba sa karatun boko. Muryar baffa ko babban ɗa ta fi ratsa mutane fiye da rubutu. Abu biyu a sani: saƙon da aka sa a Status yana ɓacewa bayan awa 24, don haka bai isa shi kaɗai ba, jerin Broadcast kuma yana ɗaukar lamba 256 ne, kuma wanda bai adana lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai shigar masa ba. Saboda haka baƙin lambobin da suka kira gaisuwa sai an tura musu ɗaya bayan ɗaya. A zaurukan dangi, na unguwa da na kasuwa, mutum ɗaya ya saka sau ɗaya.

Masu ƙaramar waya sai gajeren saƙo na tes. Shafi ɗaya harafi 160 ne, amma da ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, shafin yana komawa harafi 70, kuɗin ya ninka, wasu wayoyin ma akwati-akwati za su nuna. A nan kaɗai nake cewa a rubuta da baƙaƙen boko marasa lanƙwasa, a kuma taƙaita: "Iyalan marigayi Alh. Wane na godiya da ta'aziyyarku da addu'o'inku. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci."

Hoto: in za a sa, a sa na marigayi yana raye cikin kamala, bayan iyali sun yarda. Ban da hoton gawa, makara, kabari ko gadon asibiti. In mace ce ta rasu, gidaje da yawa ba sa son hotonta ya fita ko kaɗan. A tambayi mijinta da iyayenta. Masu shagon buga takardu suna tsara saƙo a kan hoto da ɗan kuɗi kaɗan, amma a karanta abin da suka buga harafi-harafi kafin a karɓa, kuma a tura rubutun zalla tare da shi don mai ƙarancin data.

Rediyo yana da amfani idan marigayi mutumin jama'a ne, ko danginsa suna ƙauyuka inda rediyo ya fi waya isa. A zaɓi tashar da mutanenku ke saurare: a Kano akwai irin su Rediyon Kano da Freedom, in kuma jama'ar sun bazu a jihohi har da Nijar, Rediyon Tarayya na Kaduna an daɗe ana jin sa da nisa. A je sashen talla da takarda bugaggiya. Kuɗin yana tafiya ne da abu uku: tsawon saƙo, sau nawa za a karanta, da lokacin da za a karanta, domin kusa da labarai ya fi tsada. A nemi takardar farashi, a tambaya ko da haraji a ciki, a karɓi rasit da ke nuna ranaku da lokuta. Kafin a je, a karanta saƙon a gida ana duba agogo. Samfurin da ke sama ya haura minti ɗaya, don haka na rediyo sai an rage shi, a bar rukunai a cire bayani. Sau biyu ko uku, safe da dare, ya isa. A karanta wa ma'aikacin sunayen da baki, saboda rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti, kuma suna ɗaya da aka karya a iska ya isa abin magana. Sannan a sa wani ya saurara a lokacin da aka ce.

Jarida, irin Aminiya ko takwarorinta na Turanci, sai in marigayi ma'aikaci ne ko mai hulɗa da hukumomi. Girman fili ake saya, kuma ita ce mafi tsada cikin hanyoyin nan. Yawancin gidaje ba sa buƙatarta.

Gargaɗi a kan kuɗi: kada a ɗebi kuɗin rediyo ko jarida daga dukiyar marigayi. Abin da ake fitarwa kafin rabon gado shi ne kuɗin jana'iza, bashi da wasiyya, kuma sanarwar godiya ba ta cikinsu. A gidan Alhaji Wane akwai yara ƙanana, wato akwai haƙƙin marayu a kowace naira. Manyan 'ya'ya su haɗa daga aljihunsu. In babu hali, masallaci da waya sun wadatar.

8. A bi da ƙafa, a mayar da kayan aro

Saƙon jama'a ba ya sauke nauyin mutanen rukuni na uku, da ma wasu na rukuni na farko da na biyu. Zumunta a ƙafa take. Cikin mako guda, baffa da babban ɗa, in da hali da ɗa ɗaya daga kowane ɗaki, su zaga: mai unguwa, liman, mai motar da ya ɗauko gawa, mai gidan da ya sauki baƙi, wanda ya biya kuɗin asibiti. Ba a zuwa da komai, ba a kuma daɗewa. "Baba, mun zo bangajiya ne. Abin da ka yi mana mun gani, Allah Ya saka da alheri." Zai ce ai yi wa kai ne, a yi wa mamaci addu'a, a tashi. Na nesa, irin mutanen Maraɗi da Katsina, a kira shugaban tawaga washegarin tafiyarsu a ji yadda suka sauka.

Matan marigayi suna takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuma sai ta haihu, don haka ba su ne za su zaga ba. 'Ya'ya mata da ƙannen marigayi su shiga gidajen maƙwabta a madadinsu.

A wannan zagayen ake mayar da kayan aro, kuma a nan littafin mataki na farko zai sake amfani. Tabarmi, butoci, kujeru, manyan tukwane, kuloli da farantan da aka kawo abinci a ciki, kowanne a wanke a mayar wa mai shi. Abin da ya ɓace ko ya fashe a faɗa, a ce za a biya. Yawanci za a ce a bar shi, amma a faɗa ɗin. Masu rumfa da kujerun haya a sallame su, masu aikin maƙabarta a ba su abin da aka saba.

9. Idan an gano an tsallake wani

Zai faru, ko da an bi duk matakan nan. Alamarsa ita ce mutumin da kullum kuke gaisawa ya fara amsawa a taƙaice, ko magana ta zagayo ta bakin mata cewa gidan su wane sun ce ba a ga wahalarsu ba. Kada a sake fitar da saƙo na biyu mai cewa "mun manta da wane", domin hakan sanar wa duniya ne cewa an manta da shi, kuma wasu ma za su taso da nasu. Mai sa hannu ya taka da kansa a ranar da ya ji, ya ce kuskure ne daga gare mu, ya ambaci ainihin abin da mutumin ya yi don ya san an gani. In ƙungiya ce ko ma'aikata aka tsallake, a rubuta musu wasiƙa ta musamman da sa hannun iyali, a kai wa shugabansu hannu da hannu don a karanta a taronsu na gaba.